Tace Shigarwar Leja Domin Gano Hannun Shugabanni: Wace Hanya Ta Fi Dacewa a Excel?

Ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya mai lamba ISA 240 ta ɗora wa kowane odita wani aiki wanda ba shi da ikon kauce masa, ko da kamfanin da yake bincika ƙarami ne kuma masu shi mutanen kirki ne. Aikin shi ne gwada shigarwar da aka yi cikin babbar leja, da gyare-gyaren da aka yi lokacin haɗa rahoton kuɗi, domin a ga ko shugabanni sun tsallake matakan tsaron da su da kansu suka kafa. Magatakarda ba zai iya karkatar da lissafi ba tare da wani ya sa masa hannu ba, amma daraktan kuɗi yana iya ba da umarni a rubuta abin da yake so, kuma wanda zai sa hannun yana ƙarƙashinsa. Saboda haka ƙa'idar ta ɗauki wannan haɗari a matsayin babba a kowace ma'aikata, ta kuma nemi odita ya tambayi masu haɗa lissafi ko an taɓa sa su yin shigarwar da ba su gamsu da ita ba, ya zaɓi shigarwar ƙarshen shekara ya gwada, sannan ya duba ko akwai bukatar faɗaɗa gwajin zuwa sauran watanni.

Manyan kamfanonin odita suna da manhajoji na musamman irin su IDEA da ACL, amma ƙananan ofisoshi da sassan binciken cikin gida galibi Excel suke da shi, kuma da shi ake yin aikin. A cikinsa akwai hanyoyi uku da ake bi. Ta farko ita ce a kunna AutoFilter a riƙa tacewa da alama ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu ita ce a ƙara ginshiƙan taimako, kowace alama da nata, a ba kowace shigarwa maki. Ta uku ita ce a bar alamomin waje tukuna, a tambayi wane asusu aka yi wa debit kuma wane aka yi wa kiredit. Ra'ayina shi ne ta ukun ce ya kamata ta zama gindin aikin, ta biyu ta tallafa mata, ta farko kuwa a bar ta domin leƙe. Sai dai kowace tana da inda take cin nasara da inda take faɗuwa, kuma ba a ganin hakan sai an ɗora su a kan lissafi guda.

Mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa wanda shekararsa ta kuɗi take ƙarewa ranar 31 ga Disamba. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne. Lejarsa tana da layi 180,000 waɗanda suka haɗu suka ba da shigarwa 42,000, kuma daga ciki 3,100 ne aka rubuta da hannu, sauran sun fito ne kai tsaye daga sashen sayarwa, sayayya da albashi. Odita ya tsayar da naira miliyan 25 a matsayin adadin da kuskure zai kai ya dame shi, kuma dokar kamfanin ta ce duk shigarwar hannu da ta kai naira miliyan 5 sai babban manaja ya sa hannu. An fitar da bayanan da ginshiƙai tara: A shi ne `JE_No`, B `Eff_Date` wato ranar da aka ce abu ya faru, C `Post_Date` wato ranar da aka buga shi, D `Account`, E `Debit`, F `Credit`, G `User`, H `Source`, I `Description`. A cikin lejar akwai shigarwa 14 da aka yi bisa umarnin daraktan kuɗi, kowace tsakanin naira miliyan 4.2 da miliyan 4.9, jimillarsu miliyan 64.4, waɗanda suka kwashe kuɗin gas da na gyaran injin daga cikin kashe-kashen shekara suka mayar da su kadarori. An buga su tsakanin 9 da 13 ga Janairu a ranakun aiki, da kwanan watan 31 ga Disamba, da sunan akantan da ya saba yin irin wannan aiki kullum.

Kafin a gwada kowace hanya akwai aikin da ya hau kan dukansu, wato tabbatar da cewa bayanan da aka miƙo cikakku ne. Wanda ake zargi da tsallake doka shi ne yake da iko a kan fayil ɗin da aka ba odita, don haka share layi ashirin kafin miƙawa ba abu ne mai wuya a gare shi ba. Ana ƙara ginshiƙin J wanda yake cire kiredit daga debit, sannan a tara motsin kowane asusu na shekara, a haɗa da ragowar farkon shekara, a gwada da ragowar da ke cikin tirayal balans na ƙarshe, wato jerin ragowar dukan asusu.

```
J2: =E2-F2
Motsin asusu: =SUMIFS(J:J,D:D,asusu)
Daidaiton shigarwa: =ROUND(SUMIFS(J:J,A:A,A2),2)
```

Idan ragowar farko da motsi ba su ba da ragowar ƙarshe ba a ko da asusu guda, to ba a fara tacewa sai an gano dalili. Layi na uku kuma dole ya ba da sifili a kowace shigarwa. Ana kuma jera lambobin shigarwa a duba giɓi a tsakaninsu. A nan ne matsalolin Excel na farko suke fitowa. Shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, tsohon fayil na `.xls` kuwa 65,536 kaɗai, don haka leja mai tsawo tana iya yankewa. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 tana rasa ƙarshenta, lambar asusun da ta fara da sifili tana zubar da sifilin idan an buɗe fayil ɗin `.csv` kai tsaye, kwanan wata kuma yana iya juyewa, 3 ga Disamba ya koma 12 ga Maris, idan na'urar tana bin tsarin Amurka. Alamar wannan ta ƙarshe ita ce a ga wasu ranaku sun jingina hagu a cikin ginshiƙi wasu dama, domin duk ranar da ta wuce 12 ga wata ba ta juyuwa, sai ta zauna a matsayin rubutu. Mafi aminci shi ne odita ya tsaya a gaban na'ura lokacin da ake fitar da bayanan, kuma ya nemi a haɗa masa da na watan Janairu na sabuwar shekara.

Hanya ta farko tana da farin jini saboda ba ta bukatar kowane shiri. Ana danna `Data` sannan `Filter`, a zaɓi shigarwar hannu a ginshiƙin H, a shiga bin alamomin da ƙa'idar ta ambata: asusun da ba a saba taɓawa ba, mutanen da ba su saba yin shigarwa ba, shigarwar ƙarshen shekara ko ta bayan rufe littafi mai ƙarancin bayani, da adadi dunƙulalle ko mai ƙarewa da alƙaluma iri ɗaya. A kamfanin shinkafar nan, tacewa da ƙarshen mako ta ba da shigarwa 610, tacewa da dunƙulallen miliyan ta ba da 240, kwanaki biyar na ƙarshen Disamba suka ba da 390, waɗanda suka wuce miliyan 25 kuma 85. Babu mai iya neman takardun duka waɗannan, sai a ɗauki ashirin ko talatin mafi girma, a same su lafiya, a rufe fayil. Daga shigarwar nan 14, tacewar ƙarshen shekara ce kaɗai za ta iya ɗauko su, idan an yi ta a kan ginshiƙin B, amma za su ɓuya a cikin 390, kuma girmansu ba zai kai su sahun da za a zaɓa ba. Idan kuwa an yi ta a kan ginshiƙin C, ba za su fito ba sam.

Bai kamata a raina waɗannan alamomi ba, domin daga ainihin badaƙala aka koyo su. A kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka, wanda asirinsa ya tonu a watan Yunin 2002, an mayar da kimanin dala biliyan 3.8 na kuɗin hayar layukan waya zuwa kadarori a cikin shekarar 2001 da rubu'in farko na 2002, ta hanyar manyan shigarwa dunƙulallu da aka yi bayan rufe kowane rubu'i ba tare da takardun shaida ba. Sashen binciken cikin gida ƙarƙashin Cynthia Cooper ne ya gano su, kuma ɗaya daga waɗanda Gene Morse, ma'aikacin sashen, ya tono ta dala miliyan 500 ce cif. Irin wannan, tacewa mai sauƙi za ta kama shi. Amma a kamfanin asibitoci na HealthSouth, wanda aka bankaɗo a watan Maris na 2003, ma'aikatan lissafi sun san cewa oditoci ba sa tambayar ƙarin kadarar da ba ta kai dala 5,000 ba, sai suka rarraba ƙaryar zuwa dubban ƙananan shigarwa a rassa masu yawa. Daraktan kuɗin da ya taɓa aikin odita ya san alamomin da ake nema kamar yadda oditan ya sani, kuma guje musu ba ya bukatar fiye da yin shigarwar ranar Talata da adadi kamar 4,617,350.

Akwai kuma raunin da yake cikin AutoFilter kansa. Idan an sa sharaɗi a ginshiƙai biyu, sai layin da ya cika duka biyun ne yake fitowa, don haka ba a iya cewa a kawo wanda aka buga ranar Lahadi ko wanda manaja ya buga a tacewa guda. Advanced Filter yana warware wannan, domin sharuɗɗan da aka rubuta a layi ɗaya ana neman su tare, waɗanda aka rubuta a layuka daban kuma kowane ya wadatar. Jerin zaɓin da yake saukowa daga kan ginshiƙi ba ya nuna fiye da abubuwa 10,000 mabambanta, abin da yake sa mai bin ginshiƙin bayani da ido ya zaci ya ga ƙarshe alhali bai gani ba. `SUM` yana tara har layukan da aka ɓoye, sai an yi amfani da `SUBTOTAL(109,J:J)` kafin a sami jimillar abin da yake bayyane. Babban raunin dai shi ne tacewa tana aiki da layi, ita kuwa shigarwa tana da aƙalla layi biyu. Wanda ya tace asusun kuɗin gas zai ga kiredit na miliyan 4.6, amma layin da yake nuna inda kuɗin suka tafi ya ɓoye, kuma a wancan layin ne amsar take. Ƙari a kan haka, da zarar an cire tacewar babu wata shaida da ta rage, kuma mai duba aikin daga baya ba zai iya maimaita abin da aka yi ba sai da dogon bayani.

Alamar ƙarshen mako tana bukatar gyara a wurarenmu. Jerin gwaje-gwajen da ake kwafowa daga littattafan waje yana ɗaukar Asabar da Lahadi a matsayin ranakun hutu, alhali masana'antu da 'yan kasuwa da yawa a Kano suna aiki cikakke ranar Asabar, shi ya sa adadin ya kai 610 a misalinmu. Ranakun hutun Salla kuma suna sauyawa kowace shekara, don haka babu wata dabara da za ta san su sai an rubuta su a wani jeri dabam. Abin da ake nema shi ne ranar da ofishin lissafin wannan kamfani yake rufe, kuma wannan sai an tambaya.

Hanya ta biyu tana gyara yawancin waɗannan. Maimakon a tace, sai a ƙara ginshiƙi ga kowace alama, ya ba da 1 idan ta cika, sifili idan ba ta cika ba, a tara su a ginshiƙi na ƙarshe, sannan a tace da makin.

```
Lahadi:     =--(WEEKDAY(C2,2)=7)
Dunkulalle: =--AND(J2<>0,MOD(ABS(J2),1000000)=0)
Jinkiri:    =--(C2-B2>5)
Gab da iyaka: =--AND(ABS(J2)>=4000000,ABS(J2)<5000000)
Bako:       =--(COUNTIFS(G:G,G2)<50)
Bayani:     =--(LEN(TRIM(I2))<10)
```

Fa'idarta a bayyane take. Sharuɗɗan suna nan a rubuce, kowa zai iya duba su ya maimaita, kuma shigarwar da ta tara alamomi huɗu tana hawa sama ba tare da an neme ta ba. Biyu daga ginshiƙan nan sun fi sauran daraja. Na jinkiri yana auna tazarar da ke tsakanin ranar da aka ce abu ya faru da ranar da aka buga shi, kuma wannan tazara tana da wuyar ɓoyewa saboda na'ura ce take rubuta ranar bugawa. Na gab da iyaka kuma yana juya darasin HealthSouth ya zama gwaji, domin yana kallon ƙasan iyakar da kowa yake kallon samanta. Idan fayil ɗin da aka ba odita ba shi da ginshiƙin ranar bugawa, ya koma ya nema, domin rabin ƙarfin wannan hanya a can yake.

To amma mu ga abin da ta yi da shigarwar nan 14. Kowace ta sami maki biyu, na jinkiri da na gab da iyaka. Ba a buga su ranar Lahadi ba, ba dunƙulallu ba ne, bayaninsu ya ce an sake rarraba kuɗi bisa bitar ƙarshen shekara, wanda ya wuce haruffa goma, kuma mai bugawar ba baƙo ba ne. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne, domin shugaba ba ya zama a gaban na'ura da kansa. A WorldCom ma ma'aikatan sashen lissafi irin su Betty Vinson da Troy Normand ne suka buga abin da aka umarce su daga sama. A misalinmu shigarwa 35 ne suka kai maki uku ko fiye, masu maki biyu kuwa 310 ne. Oditan da ya ja layinsa a maki uku, kamar yadda lokaci yake tilasta wa mutane da yawa, zai gwada 35 ɗin, ya same su tanadin kuɗin odita ne da na haraji da makamantansu, ya wuce miliyan 64.4 da suke mataki ɗaya a ƙasa. Maki yana ɗaukar kowace alama daidai da 'yar'uwarta, kuma ko an ba wasu nauyi fiye da wasu, nauyin ra'ayin odita ne da aka sa masa rigar lissafi. Haɗarin shi ne jadawalin yana da kyan gani har ya sa mutum ya ji aikin ya kammala. Akwai kuma matsalar nauyi a kan na'ura, domin `COUNTIFS` da `SUMIFS` a kan layi 180,000 suna iya tsayar da ƙaramar kwamfuta na tsawon lokaci. Maganin shi ne a lissafa sau ɗaya, a adana kwafin dabarun a layin farko, a mayar da sauran alƙaluma tsayayyu da `Paste Special` sannan `Values`.

Hanya ta uku tana farawa da wata tambaya dabam: idan shugabannin wannan kamfani suna son su gyara fuskar lissafi, me suke bukata ya canza, kuma ta waɗanne asusu biyu dole su bi? Kamfanin da yake neman sabunta bashin banki yana son riba ta yi kyau, don haka ko ya ƙara kuɗin shiga ko ya rage kashe-kashe. Wanda yake son rage haraji yana son akasin haka. Mutum yana iya zaɓar ranar da zai buga shigarwa, da adadin, da wanda zai buga, da abin da za a rubuta a bayani, amma idan yana son rage kashe-kashe dole ya yi wa asusun kashe-kashe kiredit, kuma dole debit ɗin ya sauka a wani wuri cikin kadarori ko bashi. Wannan ne kaɗai abin da ba zai iya sauyawa ba tare da ya rasa abin da yake nema ba.

A aikace ana ƙara ginshiƙi mai nuna rukunin kowane asusu. Ga kamfanonin Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda suke bin tsarin SYSCOHADA, wannan yana da sauƙi ƙwarai, domin alƙalami na farko yana faɗin rukunin: 2 kadarori masu daɗewa, 3 kayan sito, 4 masu bin bashi da waɗanda ake bi, 5 kuɗin hannu da banki, 6 kashe-kashe, 7 kuɗin shiga. A Nijeriya kowane kamfani yana da nasa tsarin lambobi, sai odita ya yi ƙaramin jadawali ya jawo rukunin da `VLOOKUP`. Domin sauƙi, mu ce kamfanin shinkafar yana bin irin waɗancan lambobi, kuma rukunin yana ginshiƙin K.

```
K2: =LEFT(D2,1)
L2: =--AND(COUNTIFS(A:A,A2,K:K,"2",J:J,">0")>0,
           COUNTIFS(A:A,A2,K:K,"6",J:J,"<0")>0)
```

Ginshiƙin L yana ba da 1 a kan dukan layukan duk shigarwar da take da debit a kadarori masu daɗewa da kiredit a kashe-kashe. Tunda alamar tana kan kowane layi na shigarwar, tacewa da ita tana fito da ɓangarorin biyu tare, wanda shi ne abin da hanya ta farko ta kasa yi. Ana yin irin wannan ginshiƙi ga kowace haɗuwa da tunani ya nuna, misali kiredit a kuɗin shiga wanda debit ɗinsa bai je banki ko asusun waɗanda ake bi bashi ba, debit a tanadi ko bashin da aka tara tare da kiredit a kashe-kashe, da debit a kayan sito da hannu tare da kiredit a kuɗin kayan da aka sayar. Domin kada a tsaya ga abin da aka zata kawai, ana ɗora PivotTable a kan shigarwar hannu, asusu a gefe, watanni a sama, kiredit a tsakiya, a ga asusun kashe-kashen da ba ya samun kiredit daga Janairu zuwa Nuwamba sai a Disamba.

A misalinmu ginshiƙin L ya fito da shigarwa 19 daga 3,100. Biyar daga ciki suna warwatse a cikin shekara, kuma takardunsu sun nuna sayen sabuwar mota mai juya injin da wasu manyan sassa waɗanda aka fara rubutawa a gyare-gyare bisa kuskure. Waɗannan halal ne, domin ƙa'idar IAS 16 ta yarda a ɗauki babban sashen da aka sauya a matsayin kadara, ta kuma ce hidimar yau da kullum kashe-kashe ce. Sauran 14 ɗin kuwa, da aka jera su tare da ginshiƙan hanya ta biyu, duk suna da jinkiri, duk suna gab da miliyan 5, duk kwanan wata ɗaya, kuma tara daga ciki sun ɗebo ne daga asusun gas, wanda ƙonewa yake yi a injin da ya daɗe yana aiki, ba ya zama kadara. A nan maki biyun da ba su isa komai ba su kaɗai suka zama hujja mai ƙarfi, saboda sun taru a kan ƙaramin rukuni wanda aka zaɓa da dalili. Jimillar ta ninka miliyan 25 fiye da sau biyu da rabi.

Fitowarsu a jadawali ba ta tabbatar da zamba ba tukuna. Odita zai nemi takardar kowace shigarwa da sa hannun da ke kanta, ya bi ta zuwa rasidin mai kawo gas, ya duba rajistar kadarori ko akwai abin da aka ƙara mai lamba da wurin zama, ya je ya gan shi da idonsa idan an ce akwai, ya kuma duba bayanan Janairu da Fabrairu ko an juya shigarwar bayan rufe littafi. Sannan ya zauna da akantan da ya buga su, shi kaɗai ba a gaban daraktansa ba, ya tambaye shi wa ya ba shi adadin kuma a kan wace takarda. Idan amsar ita ce an turo masa jerin alƙaluma ne kawai daga sama, maganar ta wuce daraktan kuɗi, ta zama ta kwamitin bincike na hukumar daraktoci.

Ita ma hanya ta uku tana da iyaka. Shigarwa mai layi ɗari biyu, kamar ta albashi ko ta rarraba kuɗin masana'anta, tana iya ƙunsar kusan kowane rukuni a ɓangarorin biyu, sai ginshiƙin ya ba da 1 ba tare da wata ma'ana ba, don haka ana ƙirga layukan kowace shigarwa a ware dogayen a duba su dabam. Mai wayo kuma yana iya raba tafiyar biyu, ya kwashe kuɗin daga kashe-kashe zuwa asusun wucin-gadi yau, ya kai su kadarori bayan kwana uku, ta yadda babu shigarwa guda da ta haɗa 2 da 6. Maganin wannan shi ne a tace duk motsin hannu na asusun wucin-gadi da na tsakanin rassa, a bi kowane adadi daga shigarsa zuwa fitarsa. Hanyar kuma tana bukatar wanda ya san kasuwancin, domin sabon ma'aikaci yana iya buga dabarun amma ba zai san wace haɗuwa ce baƙuwa a masana'antar shinkafa ba.

Zaɓin ya danganta da girman leja da wanda zai yi aikin. Idan shigarwar hannu ba ta wuce ɗari biyu ko uku ba, kamar a ƙaramar makaranta ko ƙungiya, karanta su duka ya fi kowace dabara, AutoFilter kuma ya isa wajen jera su. Daga dubu zuwa sama, a fara da haɗuwar asusu wadda babban oditan ya tsara da kansa bayan ya fahimci matsin da ke kan shugabanni, a ɗora ginshiƙan jinkiri da gab da iyaka a kan abin da ya fito, sannan a ƙara 'yan shigarwa daga masu maki mafi yawa da wasu kaɗan da aka zaɓa ba bisa kowace alama ba, a riƙa sauya sharuɗɗan daga shekara zuwa shekara domin kada kamfanin ya haddace su. Idan layuka sun haura dubu ɗari biyar ko kamfanin yana da rassa masu lejoji dabam-dabam, shafin Excel ya fara zama haɗari da kansa, gara a koma Power Query ko manhaja ta musamman.

Akwai rukunin da babu ɗaya daga hanyoyin uku da za ta gani, wato gyare-gyaren da ba a taɓa shigar da su leja ba. Ana yin su ne a kan jadawalin da ake haɗa rahoton ƙarshe, tsakanin tirayal balans da alƙaluman da aka buga, musamman a rukunin kamfanoni lokacin haɗe lissafin rassa, kuma galibi jadawalin yana hannun mutum ɗaya ko biyu a ofishin daraktan kuɗi. Domin kama su, odita zai ɗauki kowane layi na rahoton kuɗi ya cire jimillar asusun da suka haɗu suka ba da shi a tirayal balans, kuma duk bambancin da ya rage ya nemi jerin gyare-gyaren da suka haifar da shi, ya gwada kowane da takardarsa kamar yadda ya gwada shigarwar leja.